Zakaran Gwaggo da Aikin Sikeli

Yaran yanzu in sun nemi aiki wuri biyu, wuri ɗaya ya ɗauke su, sai su aika wa ɗayan 'yar takarda su ce sun janye, shi ke nan magana ta mutu. Ni janyewata ta cinye zakara da zabuwa, ta kusa cinye wa Gwaggo murhunta, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina yi mini gorin zabuwar nan ba.

A lokacin Tudun Wada ba ta wuce 'yan gidaje ba, yawanci na baƙi irinmu waɗanda ba su da gado a cikin birni. Jirgin ƙasa bai daɗe da zuwa Zariya ba, har yanzu in ya yi kuka akwai tsofaffin da ke neman tsari. Ni ina hannun Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni tun rasuwarsa. Sana'arta tuwo. Kullum da sassafe za ta ɗauki tukwane ta haye rafin Kubanni, ta je ƙofar wani kanti na Turawa masu sayen auduga kusa da tasha, ta hura wuta a gindin wata ƙatuwar ɗorawa. Leburori da manoman da suka kawo auduga a jakuna duk wurinta suke ci. Da tuwon nan ta ciyar da ni, da shi ta ɗinka mini rigar da na je makarantar boko.

Gindin ɗorawar nan ba nata ba ne. Wanda ya ba ta wurin shi ne babban dillalin kantin, wani dattijo maƙwabcinmu da kowa ke kira Baba. Shi ke kawo wa Bature manoma, shi ke raba faɗa a bakin sikeli, kuma in ya ce mai tuwo ta tashi, to ta tashi. Akwai mata da dama da ke harin wurin, kowace na jiran ranar da Gwaggo za ta yi kuskure.

Da na gama makaranta, Gwaggo ta je ta durƙusa wa Baba ta ce ga ɗanta ya iya rubutun boko da lissafi, kuma ta ji ana neman malamin sikeli. Baba ya kai sunana, ya ce wa Bature shi ya tsaya mini. Aka kira mu gwaji, mu 'yan samari kaɗan, muka jeru a baranda kowa na sharce gumi. A ciki mutum uku ne: Bature manaja, da babban akawu wani mutumin Ikko mai tabarau, da Baba a kan tabarmarsa a gefe. Bature ya sa na karanta nauyin buhu a sikeli, akawu ya ba ni lissafi na haɗa, ya duba rubutuna yana taɓe baki. Baba kuwa tambayarsa ɗaya ce: in manomi ya zage ni, me zan yi? Na ce zan ba shi haƙuri. Ƙarya nake yi, amma amsar ta yi masa daɗi. Suka ce in je, za a neme ni kafin kasuwar auduga ta buɗe.

To, ni ban zauna jira ba. Tun kafin wannan gwaji na riga na kai takarda reluwe, inda suke neman mai rubuta kayan da ake lodi a tasha. Ban sa rai ba, sai ga shi sun kira ni sun ce sun ɗauke ni, in fara da kamawar sabon wata. Aikin sikeli na kaka ne, auduga na ƙarewa a sallami mutum, na reluwe kuwa rani da damina. Ban yi dogon tunani ba na sa hannu.

Na dawo gida ina tafiya kamar ƙasar tawa ce, na gaya wa Gwaggo. Ta yi guɗa rabi, sai ta tsaya da muciya a hannu.

"Baba fa?" ta ce.

Na ce ai ba su ɗauke ni ba tukuna, cewa suka yi za su neme ni.

"Kai dai wawa ne mai takarda. Mutum ya buɗe baki gaban Bature ya ce kai nasa ne, ranar da za a neme ka a ce ka bi jirgi? In ya ji kunya a can ciki, a kan wa zai huce? A kan jirgi?"

Sai a lokacin na tuna da gindin ɗorawa. Na ce to in fasa na reluwe. Ta ce in na fasa za ta fasa mini kai da muciyar nan. Taura biyu dai ba ta taunuwa, dole a tofar da ɗaya, abin da ya rage shi ne yadda za a tofar ba a ɓata wa kowa riga ba.

Akwai wani maƙwabcinmu malamin asibiti, Kirista ne cikin 'yan Mishan na Zariya, ya daɗe yana aiki da Turawa. Na same shi da yamma yana wanke ƙafa a ƙofar gida, na zayyana masa. Ya ce abin ba wuya. In je kantin tun da wuri, kafin su yanke shawara su sallami sauran samarin. In yi godiya, in faɗa a fili cewa na karɓi wani aiki, saboda haka na janye. Kada in kushe aikinsu, kada in ƙirƙiro ciwo, kada kuma in bari su zaci ƙarin albashi nake nema. Ya zaunar da ni muka rubuta 'yar gajeriyar takarda mai ɗauke da wannan magana, don a ajiye a ofis. Ya ce abu ɗaya ne Bature ba ya yafewa, mutum ya ɓace ba labari.

Na kai wa Gwaggo wannan shawara. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan ta Bature ce. Baba kuwa ba a zuwa masa da takarda, kuma ba a zuwa masa hannu rabbana. Kama zakaran nan."

Zakaran nan ja ne, ƙato, shi ne sarkin tsakar gidanmu, Gwaggo tana tattalinsa don Sallah. Na kama shi bayan ya zagaya da ni gidan har na yi tuntuɓe da turmi. Na ɗaure masa ƙafa, na saƙale shi a hammata, takarda kuma a aljihu, na nufi zauren Baba.

Abin da ni da Gwaggo ba mu lissafa ba shi ne wannan: a garin nan, saurayin da ya yi gwajin aiki, aka gan shi da zakara a ƙofar wanda ya gwada shi, kowa ya san abin da ya kawo shi. Ba a taɓa jin wanda ya kai kaza don a cire sunansa ba. Tun a hanya wani mai gyaran takalmi ya ɗaga mini hannu ya ce Allah ya sa a dace.

Na yi sallama, na tube takalmi, na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafin ranar nan. Na ajiye zakara na ce in ji Gwaggo. Baba ya ɗaga shi ya jinjina nauyinsa kamar buhun auduga, fuskarsa ta washe.

Na ce, "Baba, dama a kan maganar aikin nan ne..."

"Na sani, ɗana, na sani. Kwantar da hankalinka."

"Wato, Baba, akwai wani abu da ya taso..."

"Babu abin da zai taso ina raye. Su sauran yaran ne suka tsorata ka? Aikin nan naka ne. Gobe ma zan ƙara yi wa Bature tuni."

Ni da ake kuka da bakina a unguwa, ni da ba a gama faɗa mini magana ban mayar ba, sai na ji harshena ya yi nauyi. Dattijo yana murmushi, zakaranka na hannunsa, yana sa maka albarka, ta ina za ka ɓullo masa da a'a? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Baba, na gode. Allah ya ƙara girma." Ya ce amin, ya ba ni goro.

Da na koma, Gwaggo ta ce, "Ya haƙura?"

Na ce ya yi murna ƙwarai.

Ta dube ni da kyau. "Murnar me?"

Na faɗa mata. Ta zauna a kan turmi ta riƙe haɓa. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda aka aika ya kwance akuya ya dawo ya ƙara mata igiya ba, sai ni. Haushi ya kama ni na ce ai zakaranta ne ya ɓata maganar. Ta ce zakara ya yi aikinsa, mai zakara ne bebe.

Washegari ta sake dabara. Tunda na kasa da Baba, in bi ta wajen akawu, shi baƙo ne, babu kunya tsakaninmu. In ya ji, zai san yadda zai lallaɓa maganar a ofis. Na ce to amma wannan karon ba tsuntsu. Ta ce ɗanta ba zai shiga gidan mutane kamar mai karɓar haraji ba, ta miƙo mini zabuwa.

Wanda bai taɓa ratsa Kubanni zuwa Sabon Gari da zabuwa a hammata ba, bai san tonon asiri ba. Tun daga ƙofar gida take kururuwa har ƙofar akawu. Na same shi a baranda cikin singileti yana karanta wata tsohuwar jarida. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi zabuwa, ya miƙe tsaye. Cikin Hausarsa mai tsalle-tsalle ya shiga yi mini wa'azi: shi ba ya cin hanci, shi ɗan coci ne, aikin kanti da cancanta ake samu ba da kaji ba. Ina ta cewa, "Maigida, ba haka ba ne," yana ta ɗaga mini yatsa. Ana cikin haka matarsa ta fito, ta gaishe ni da fara'a, ta zare zabuwar daga hammatata ta shige ciki, shi kuwa bai ko juya ba. Da ya gaji ya sassauta murya, ya ce ya ga ni yaro ne mai son aiki da gaske, kuma a gaskiya rubutuna ya fi na sauran. In zo kanti ranar Litinin, zai sa baki. Na zura hannu aljihu zan ciro takarda, ya zaci kuɗi ne, ya daka mini tsawa ya ce in ɓace kafin ya canza ra'ayi.

Haka na dawo, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mutum biyu cikin uku sun tsaya mini tsayin daka a kan aikin da ba na so. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali. Ta dubi agwagwar da ta rage a tsakar gida, agwagwa ta dube ta.

"Wannan ba inda za ta," ta ce. "Ranar Litinin bakinka za ka kai musu. In ka dawo da 'to, na gode', ka wuce tasha kai tsaye, jirgi ya riƙe ka."

Daga baya na jiyo ta tana magana ita kaɗai wajen wanke tukwane, tana lissafin inda za ta koma da murhu in an tashe ta. Ta ambaci bakin kasuwa, ta ce a'a, can masu tuwo sun fi masu ci yawa. Na ji tausayinta har na kasa cin abinci, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Ranar Litinin muka haye rafi tare, ina ɗauke da babbar tukunya. Ta tsaya hura wutarta. Na shiga baranda na tarar da sauran samarin, ashe ranar za a faɗi wanda aka ɗauka. Ni aka fara kira.

Su ukun nan suna zaune a ciki kamar ranar gwaji. A kan teburin Bature ga sabon littafin awo da alƙalami, an tura su gefen da zan tsaya. Baba yana mini murmushin zakara, akawu yana mini na zabuwa. Bature ya gyara murya zai fara. Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ya riga ni magana na mutu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni izini in riga ka."

Ya ɗaga gira, ya ce in faɗa.

Na kafa idona a ƙafar tebur, don in na dubi Baba ba zan iya ba. Na ce na gode da kiran da aka yi mini, da gwajin da aka yi mini cikin mutunci. Na ce na nemi aiki a reluwe tun kafin in zo nan, sun ɗauke ni, na karɓa, na sa hannu. Saboda haka na zo in janye, tun kafin a sallami waɗanda ke waje. Na ciro takardar, duk ta yamutse tana warin kaji, na ajiye da hannu biyu.

Daga cikin ofis ina jiyo muciyar Gwaggo tana bugun tukunya a waje. Akawu ya cire tabarau ya goge. Na tabbata zabuwa yake tunani, kuma na tabbata an riga an cinye ta.

Bature ya karanta takardar, ya tambaye ni cikin Hausarsa ta littafi ko albashi ne bai yi mini ba. Na ce a'a, ranka ya daɗe, ba ciniki na zo ba. Aikinsu mai kyau ne, sai dai na can na shekara ne gaba ɗaya, kuma na riga na ba da alkawari. Ya gyaɗa kai. Ya ce bara sun ɗauki wani, ranar buɗe kasuwa aka neme shi sama ko ƙasa, manoma suka yini a rana da jakunansu. Ya ce ya fi son mai zuwa ya faɗa. Sannan ya juya wajen Baba ya yi tambayar da nake tsoro.

"Kai ka san wannan?"

Baba ya gyara zama, ya shafa gemu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ya zo har gidana a kan maganar. Yaron da na tsaya wa ba ya guduwa. Da ƙafarsa yake zuwa ya faɗa da bakinsa."

Ku duba fa, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Akawu ya yi caraf ya ce shi ma na je gidansa a kan maganar, yaro ne mai ladabi. Bature ya ce madalla, ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce tunda audugarsu ta tasha take bi, za mu riƙa haɗuwa. Ya sa akawu ya ajiye takardata, ya ce a kira na gaba.

Na fito da baya da baya. Na ji daɗin Bature, amma ba Bature ke da gindin ɗorawa ba. Abin da dattijo ya faɗa don ya rufa wa kansa asiri daban, abin da ke cikinsa daban. Da aka tashi, Baba ya fito ya wuce ta gaban murhun Gwaggo. Ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice bai tsaya ba, alhali kullum sai ya zauna an zuba masa. Ranar ko kwanon da take ware masa ba a taɓa ba, haka muka dawo da shi gida.

Washegari ban fara aiki ba tukuna, na sake raka ta. Hantsi ya yi, leburori sun cika benci, sai ga Baba tafe da zakara a hammata. Gwaggo ta gan shi, ludayi ya tsaya a hannunta. A wurinmu in babba ya mayar maka da gaisuwarka, ya yanke hulɗa ke nan, ba sai ya ce komai ba. Wata mai fura da ke gefe, cikin masu harin wurin, har ta fara gyara ɗaurin zane.

Baba ya zo ya zauna a benci, ya dube ni.

"Kai, me ya hana ka faɗa mini a zaure?"

"Baba, na fara, ka ce ka sani."

"To da na ce na sani, sai ka yarda?" Leburori suka fashe da dariya. Ya juya wajen Gwaggo. "Ke kuma, kazar neman aiki daban, kazar ban haƙuri daban. Na karɓi wannan a kan neman aiki, ashe ta ban haƙuri ce. Ita kuwa ba a cin ta mutum ɗaya. Ungo, a yanka a sa a miya, a zuba mini a kwanona, a aika wa akawu nasa. Jiya Bature ya yini yana cewa dillalinsa ya san mutane. Ina za ki je da murhu? Wa zai ba ni tuwo?"

Gwaggo ta karɓi zakaran da hannu biyu. Ni ina kusa, na gani sarai: ba namu ba ne. Namu ja ne, ƙato, mai zanko kamar tafin hannu. Wannan wani ramamme ne mai toka-toka, wuyansa duk a tsige, ido ɗaya a rufe. Namu dai ya daɗe da shiga cikin Baba.

Na buɗe baki, don yanzu bakin ya warke, na ce, "Gwaggo, ai wannan ba..."

Ta take mini ƙafa da duk ƙarfinta. Matar da ko ƙwayar daddawa aka rage mata a kasuwa sai ta tara jama'a, ta rungume wannan abin tausayi a ƙirji, idonta ya cika da hawaye, ta ce, "Shi ne, Baba. Na gane abina. Kewar gida ce ta ramar da shi."

Ta miƙo mini shi ta ce in je in yanka, tunda dai yanzu na iya gama abin da aka aike ni. Sannan ta jawo kwanon Baba ta ɗauraye, ta ƙara itace a murhu.